Gibin naira 17,450 a akwatin feti kash, da yadda muka bi sawunsa har ya koma 1,550

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, ƙarshen wata, manajan wani kamfani da nake duba wa littattafai ya kira ni a waya, ko gaisuwa bamu gama ba yace Malam Akanta dan Allah kazo yanzu, kuɗi sun ɓata a akwatin kashiya. Kamfanin ba wani babba bane, kayan masarufi suke sarowa suna rabawa 'yan shaguna, ofishinsu da sito duk a wajajen kasuwar Singa a Kano, ma'aikata basu fi goma sha biyar ba har da direba da masinja da maigadi. Da na isa na tarar da kashiyar zaune idonta yayi ja, akwatin a buɗe a gabanta, manaja a tsaye a kanta yana ta maimaita cewa dubu goma sha bakwai da ɗari huɗu da hamsin ba kuɗin da zasu yi ƙafa su fita da kansu bane. Yarinyar shekararta kusan biyu a wajen kuma ban taɓa samun matsala da lissafinta ba, toh shine na roƙe shi ya ɗan bamu wuri, nace mata Malama rufe akwatin tukunna, kada a ƙara fitar da ko sisi kada kuma a saka, sai mun gama.

Ga wanda bai san tsarin ba bari in ɗan faɗa a gurguje. Imfires, wato tsarin da ake tafiyar da akwatin feti kash a kansa, shine a ware wani adadi tsayayye, wanda muke kira fulot, a damƙa wa mutum ɗaya dan ƙananan kashe-kashe na yau da gobe, kuɗin mota, man janareta, ruwan leda, takardar firinta da irinsu. A wannan kamfanin fulot ɗin naira 200,000 ne. Duk kuɗin da ya fita sai an rubuta masa bauca, mai karɓa yasa hannu, manaja yasa hannu, a maƙala rasit. In kuɗin sun yi ƙasa ko wata ya ƙare sai a tara baucocin a mayar wa akwati daidai abin da aka kashe, ba ƙari ba ragi, ya koma 200,000 ɗinsa. Sabida haka a kowane lokaci ka buɗe akwatin, ko tsakar rana ne ko tsakiyar wata, tsabar da ke ciki in ka haɗa da baucocin da ba a mayar wa akwati kuɗinsu ba tukunna dole su baka fulot cif. Wannan ƙa'idar guda ɗaya ita ce duk aikin, ko a gwamnati ma da suke da imfires na dindindin da na musamman abin ɗaya ne, sai dai su dole a rufe na dindindin ɗin a ƙarshen shekara, 31 ga Disamba.

Abu na farko da nayi shine ƙirga tsabar, kuma ita na sa ta ƙirga da hannunta ina kallo ina rubutawa, ni ban taɓa kuɗin ba. Wannan ba tsoro bane, kariya ce gare ni da ita, in na ƙirga ni kaɗai gobe wani zai iya cewa a hannuna wani abu ya salwanta. Muka ware su kala-kala, 'yan dubu-dubu guda 31 wato 31,000, 'yan ɗari biyar guda 14 wato 7,000, 'yan ɗari biyu guda 11 wato 2,200, 'yan ɗari-ɗari guda 9 wato 900, sai 'yan hamsin guda 5 wato 250. Jimla 41,350. Muka sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama, abin da ya fito kenan dai, na rubuta kwanan wata da lokaci a takardar, tasa hannu nasa hannu. Littafin feti kash kuma ya nuna an kashe 141,200 a watan, kaga kenan kamata yayi a samu 58,800 a akwati, amma 41,350 ke ciki, bambancin 17,450. Manaja baiyi kuskuren lissafi ba, inda ya kuskure shine ya ɗauka wannan adadin shine abin da ya ɓata.

Ni dai a shekarun da nayi ina wannan aikin da wuya in ga gibin ƙirgan farko ya zama shine gibin gaskiya. Yawanci kurakurai ne uku huɗu biyar suka taru, wani yana ƙara gibin wani yana rage shi, abin da ka gani a ƙarshe ragowar kokawarsu ce kawai. Shi yasa neman bauca ɗaya mai 17,450 ɓata lokaci ne, kuma shi yasa saurin zargi yake da haɗari, sai ka ɗora wa mutum kuɗin da bai ci ba, ko kuma ka wanke gibin da ya fi wanda ka gani girma.

Na ajiye littafin gefe na ɗauko baucocin kansu, na jera su bisa lamba na buga su a kalkuleta ɗaya bayan ɗaya ba tare da kallon littafi ba. Suka bani 145,700. Littafi yace 141,200. Tsakaninsu 4,500. Da na ga wannan adadin sai na raba shi da tara, ya bada 500 daidai ba saura. Wannan tsohuwar dabara ce ta akantoci, in mutum ya juya lambobi biyu wajen kwafa, misali ya rubuta 38 a maimakon 83, bambancin kullum yana rabuwa da tara. A Excel ma in kana so ka gwada sai ka buga

```
=MOD(4500,9)
```

in ya baka 0 toh akwai yiwuwar juyin lamba ne. Amma ku lura da wani abu, da na gwada dabarar akan 17,450 ɗin farko bazata yi aiki ba, baya rabuwa da tara, sabida an cakuɗa shi da wasu kurakuran. Dabarar tana aiki ne kawai in ka ware abu biyu da ya kamata su zama ɗaya, wato jimlar baucoci da jimlar littafi, ka kwatanta su su kaɗai. Kuma ko ta bada sifili ishara ce kawai, sai kaje ka gani da idonka. Muka bi layi-layi, ita tana karanta bauca ni ina bin littafi da biro, a layi na goma sha ɗaya muka same shi, tawadar firinta da rim ɗin takarda 8,300 a bauca da rasit, a littafi an rubuta 3,800. Ta dafe kai tace wallahi Malam ranar ana ta kirana ne a sito. Muka ja layi ɗaya akan kuskuren yadda za a iya karanta shi, muka rubuta daidai a sama tasa hannu a gefe, ba gogewa ba farin ruwa. Gibi ya sauko zuwa 12,950.

Ta fara samun natsuwa, sai dai abu na gaba juya mana lissafin yayi. Tara baucoci daban, karanta su daban. Da na koma ina duba kowace da rasit ɗinta sai na ci karo da guda biyu, lamba 0409 da lamba 0415, duka 6,000, duka man janareta. Wannan kaɗai ba abin mamaki bane, ana sayen mai na adadi ɗaya sau da yawa a wata. Abin da ya tsayar da ni shine ta farko an maƙala mata rasit ɗin gidan mai na rubutun hannu, ta biyu kuma 'yar takardar nan ta injin POS, kuma da na kara su kusa da juna gidan mai ɗaya ne, rana ɗaya ce, kuɗi ɗaya. Sannan rubutun hannun da ke kan baucocin ba ɗaya bane, kuma 0415 babu sa hannun mai karɓa, wajen a buɗe yake fayau.

A nan tambayar da ta fi komai muhimmanci ita ce, kuɗin sau nawa suka fita daga akwati? In sau biyu aka biya masinja akan mai ɗaya, toh akwati baiyi ƙarya ba, kuɗin sun fita da gaske, sai dai a bi masinja ya dawo da 6,000. In kuma sau ɗaya aka biya amma aka rubuta bauca biyu, toh baucar ta biyu iska ce, tana rufe gibin 6,000 da yake can a ɓoye. Biyun maganinsu ba ɗaya bane ko kaɗan. Da na tambaye ta sai ta tuna cewa a makon ta kai mahaifiyarta asibiti kwana biyu bata zo ba, manaja ya karɓi makulli ya ba sakatariya. Masinja ya sayi man da katinsa, ya kawo rasit, sakatariya ta biya shi tsaba ta rubuta 0409, takardar POS ɗin kuma ta jefa ta cikin akwati haka nan. Da kashiya ta dawo ta ga takarda ba bauca a jikinta sai ta ɗauka an manta ne, ta rubuta 0415 da niyyar in masinja ya shigo yasa hannu, daga nan abin ya shige mata. Muka kira masinja shi kaɗai, ban faɗa masa dalili ba, nace ɗan'uwa man nan na ran sha huɗu sau nawa aka baka kuɗinsa? Yace sau ɗaya Yallaɓai, Anti sakatariya ce ma ta bani. Sai muka soke 0415, layi biyu a kai da kalmar an soke, muka bar ta a jerin bamu yaga ba. Sahihan baucoci suka koma 139,700, gibi ya hau 18,950.

Fuskarta ta sake canzawa, kuma bamu gama hawa ba. Na tambaye ta abin da nake tambayar kowane mai riƙe akwati, duk kuɗin da ke cikin nan na feti kash ne, ko akwai wanda ya shigo ta wata hanya? Tayi shiru sannan tace akwai 2,500 na kwalaye da buhunan banza da maigadi ya sayar wa masu gwangwan, ya kawo mata bata san inda zata sa ba sai ta zuba a ciki. Wannan yana faruwa sosai a ƙananan ofisoshi, akwati ɗaya ne ke da makulli toh komai can ake kaiwa, kuɗin kwali, canjin kwastoma, wani lokacin har adashin ma'aikata. Amma akwatin imfires ƙofar shigarsa ɗaya ce tak, kuɗin cikawa daga banki. Duk wani abu da ya shiga baƙo ne kuma yana ɓoye gibi daidai girmansa. Muka cire 2,500 muka sa a ambulan daban aka rubuta mata rasit na kuɗin shiga. Tsabar akwati ta gaskiya ta zama 38,850, gibi ya kai 21,450.

Wato da mun tsaya a lissafin manaja da mun ce 17,450, alhali a wannan matakin abin da ba a san inda yake ba ya fi haka da dubu huɗu. Na faɗa mata ƙarara cewa hawan nan ba laifinta yake ƙarawa ba, share fili muke dan mu ga ramin da kyau.

Daga nan sai saukowa. Na ce ta juye akwatin gaba ɗaya, ta ɗaga farantin nan na sama da ake zuba ƙananan kuɗi. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar takarda da aka yago daga littafin rubutu an ninke ta huɗu, an rubuta na karɓi 10,000 tafiyar Zariya, da sa hannun direba da kwanan watan kwana tara da suka wuce. Takardar aro kenan, an ba mutum kuɗi kafin ya kashe, da sharaɗin in ya dawo ya kawo rasit da canji. Ita dai takardar aro ba bauca bace, sabida ba a san nawa aka kashe ba tukunna, kuma ba tsaba bace, sabida baza ka sayi ko ruwan leda da ita ba. A takardar daidaitawa layinta daban ake bata, kuma ba a cika akwati akanta. Direban dattijo ne, ya girmi kowa a wajen har da manaja, kuma na gane dalilin da yasa kwana tara bata iya ce masa komai ba, kunya take ji, yaya zata tare sa'an babanta tace ina canji. Ni na je na same shi a bakin sito nace Baba sannu da aiki, ana rufe lissafin wata ne, ko takardun tafiyar Zariya suna kusa? Yace ai suna cikin mota tun ranar, ba wanda ya tambaye shi. Ya ɗauko su daga aljihun gaban mota, facin taya, kuɗin lebura masu sauke kaya, kuɗin shiga tasha da abinci, duka 8,600, ya zaro 1,400 daga aljihunsa ya miƙo. Aka rubuta bauca ta 8,600 yasa hannu, canjin ya koma akwati, aka mayar masa da takardarsa ya yaga da kansa. Dubu goma ta fita daga gibi, saura 11,450.

Magariba ta kawo jiki muka tashi sallah, akwatin na sa ta kulle ta riƙe makullin, takardar ƙirga kuma tana wajena. Da muka dawo sai na koma kan wani abu da na lura da shi tun ina jera baucoci. Lambobin watan sun fara daga 0401 sun ƙare a 0436 kafin wacce muka rubuta wa Baba, wato guda 36 ya kamata in gani, amma 35 na ƙirga. Babu 0422. Anan ne amfanin bauca mai lamba da kwafin kabon yake fitowa, da irin baucar nan ce da ake bugawa a firinta ba lamba da babu yadda za a yi mu san wata ta ɓace. Muka buɗe ƙunshin baucar muka duba kwafin da ya rage a jiki, ga shi nan raɗau, 7,500, gyaran janareta, da sa hannun mai gyara. Toh ina ta asalin? Tace ta kai wa manaja yasa hannu yace ta bari zai duba, ita kuma al'adarta bata shigar da bauca a littafi sai an sa mata hannu ta dawo. Kuɗi sun fita, bauca na tebirin oga, littafi bai san da zancen ba.

Na shiga wajen manaja nace Ranka ya daɗe a duba mana durowa. Ya ɗan ja, yace shi baya ajiye takardun kashiya, amma dai ya buɗe, tana nan a ƙarƙashin wasu takardun kaya. Babu rasit a jikinta, masu gyaran janareta na unguwa ba kowa ke da rasit ba, kuma ni bana ƙin bauca dan wannan kaɗai in dai mai karɓa yasa hannu, an rubuta abin da aka gyara, kuma wani wanda ba kashiya ba ya shaida an yi aikin. Maigadi ya tabbatar an canza fulogi an wanke kafireto ranar. Manaja yasa hannu, aka shigar. Saura 3,950.

Na ƙarshen shi ya fi cin lokaci sabida ba a cikin watan yake ba sam. In ka gama da baucoci da tsaba gibi bai rufe ba, toh ka koma ka tambayi abin da kowa ya ɗauka tabbas ne, shin da gaske akwatin ya fara watan da 200,000? Na duba takardar watan jiya, an rufe da tsaba 37,000, an amince a cika da 163,000, lissafi daidai. Na duba sitatimen ɗin banki, 163,000 sun fita. Sai nace mata ta yaya kuɗin suka zo hannunki? Tace Alhaji mai kamfanin ya tura mata tiransifa a asusunta, ita kuma layin banki yayi yawa sai ta cira a wajen mai POS na bakin titi, ya cire cajinsa. Nawa? Ta buɗe wayarta ta nuna min alat, ta tura masa 163,000 cif, abin da ya ƙirgo mata a hannu kuma 160,600, ya riƙe 2,400. Ta ma rubuta adadin a bayan kalandar tebirinta dan kar ta manta, amma bata rubuta bauca ba sabida a ganinta ba sayayya bace. Kaga kenan akwatin da 197,600 ya fara watan, tun ranar farko akwai ramin 2,400 a ciki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan canjin fasalin 'yan 200 da 500 da 1,000, ofisoshi da yawa suka saba da cirar kuɗi a wajen masu POS, kuma wannan cajin na cikin abubuwan da na fi samu suna cin fulot a ɓoye, wata bayan wata, har sai an wayi gari fulot ɗin takarda daban na akwati daban. Muka je wajen mai POS ɗin washegari da safe ya duba littafinsa ya tabbatar, aka rubuta bauca ta cajin cire kuɗi. Saura 1,550.

Wannan 1,550 ɗin mun neme shi bamu samu ba. Na raba da tara bai rabu ba. Na raba biyu, 775, ko akwai abin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba, dan irin wannan kuskuren yana ninka kansa, babu wani abu mai 775. Mun sake ƙirga tsaba, mun sake bin kwafin kabon tun daga 0401. Zato na shine canji ne, a ba masinja dubu ya sayo abin 850 ya dawo yace mai shago bashi da canji anjima zai karɓo, a rubuta bauca 850, ɗari da hamsin ɗin ta bi ruwa, in haka ta faru sau goma a wata ai ka ga inda aka kwana. Amma zato ne, ban rubuta shi a matsayin dalili ba.

Manaja, wanda zuwa lokacin ya sauko sosai, yace toh Malam tunda abin kaɗan ne a rubuta bauca ɗaya kawai ace kayan shayi 1,550 a wuce wajen. Na ce masa a'a, kuma wannan ne wajen da bana sassautawa ko naira ɗari ce. Baucar da aka ƙirƙira dan lissafi ya daidaita ƙarya ce da sa hannun mutum uku a kai, kuma ranar da aka koya wa mai riƙe akwati cewa ana rufe gibi da kayan shayi, an bashi hanyar da zai rufe na dubu hamsin. Gibi sunansa gibi, akwai asusun da ake kai shi, na ragi da rarar tsaba, a rubuta shi a fili mai kamfani ya gani yasa hannu. Ko rara aka samu haka ne, ba a barinta a akwati ana murna, rara ma alama ce cewa wani bai karɓi haƙƙinsa ba ko an rubuta baucar da kuɗinta basu fita ba.

Sai batun wa zai biya. A wurare da yawa ƙa'ida ita ce mai makulli shi ke cika gibi daga albashinsa, kuma ban ce ƙa'idar bata da tushe ba. Amma tana tsayawa ne in makullin bai taɓa barin hannunsa ba. A nan kwana biyu akwatin yana hannun sakatariya, ba a ƙirga ba lokacin da aka bata, ba a ƙirga ba lokacin da ta mayar, toh da wace hujja za a ce a hannun wance kuɗin suka salwanta? Haka na rubuta wa Alhaji mai kamfanin, ya karanta yace a ɗora wa kamfani, ya sa hannu.

Takardar daidaitawar da na miƙa ranar Juma'a a taƙaice take. Tsaba a akwati 40,250, wato 41,350 ɗin farko a cire 2,500 na kwalaye a ƙara canjin Baba 1,400. Sahihan baucoci 158,200, wato 139,700 da 8,600 na tafiyar Zariya da 7,500 na janareta da 2,400 na caji. In ka haɗa biyun 198,450, gibin da aka amince da shi 1,550, jimla 200,000. Kuɗin cikawa kuma 159,750, wanda shine 200,000 a cire tsabar da ke akwati, kuma shine baucoci da gibi in ka haɗa su, in hanyoyin nan biyu basu baka adadi ɗaya ba toh kar ka sa hannu a cek, akwai sauran aiki. A babban littafi na yi debit na kashe-kashen kowanne a asusunsa, mai a mai, gyara a gyara, caji a cajin banki, na yi debit na 1,550 a asusun ragi da rara, na yi kiredit na banki 159,750. Asusun feti kash kansa ban taɓa shi ba, yana nan a 200,000, ba a motsa shi sai ranar da aka yanke shawarar ƙara fulot ko rage shi. Kuɗin kwalaye 2,500 aka kai banki da sauran cinikin ranar.

Da an bi littafi yadda yake ranar Alhamis an cika da 141,200, da akwatin ya fara sabon wata da 182,550 kowa na kiransa 200,000, kuma da wata mai zuwa rigimar ta dawo da sababbin kurakurai a saman tsofaffi, lokacin ma ba mai tuna wa ya karɓi me. Wani abu kuma da nake so ya fito fili, daidaituwar akwati bata nufin duk baucocin gaskiya ne. In an ba mutum 5,000 ya sayo abin 4,200 ya kawo rasit ɗin 5,000, akwati zai daidaita tsaf, ƙirga bazai taɓa kama wannan ba, sai dai mai sa hannu ya san farashin kasuwa ya kuma riƙa tambaya.

Abubuwan da muka canza ba su da yawa. Bauca tana shiga littafi a ranar da kuɗi suka fita, kuma manaja yana sa hannu kafin a biya, a tebirin kashiya, takarda bata tafiya ofishinsa. Takardar aro kwana biyu bayan dawowa daga tafiya, kuma manaja ne zai tambaya ba ita ba, tunda mun ga inda kunya ta kai mu. In makulli zai canza hannu ko na rabin yini ne sai an ƙirga su biyun sun sa hannu. Kuɗin cikawa an daina turawa asusun kowa, cek ake rubutawa a ciro a banki, in kuma dole ta sa aka je POS a rubuta baucar caji kafin kuɗin su shiga akwati. Ƙirga kuma ya koma duk ranar Juma'a kafin a tafi masallaci maimakon jiran ƙarshen wata, baya cin minti ashirin.

Juma'ar da ta biyo baya na leƙa ba tare da na sanar ba. Ta ƙirga ina kallo, tsaba 171,900, baucoci tara 27,950, jimla 199,850, saura 150. Kafin in buɗe baki ta ɗaga farantin akwatin ta nuna min 'yar takarda da sa hannun masinja da kwanan watan ranar, canjin sukari da mai shago yace a dawo a karɓa bayan sallar Juma'a.